Garba a takardar ciniki, Abubakar a satifiket, kuma awon bai kai ba

Tambaya: Na yi cinikin fuloti awon gwamnati a gefen Kano, an ce mini hamsin da ɗari ne, har na biya rabin kuɗi. A satifiket sunan mai filin Abubakar, a takardar da lauyansa ya shirya kuma an rubuta Alhaji Garba. Taswirar da ke jikin satifiket ta ce murabba'in mita 437.8, takardar lauya ta ce 464.5. Dillali ya ce duk wannan ba komai ba ne, in sa hannu kawai. Yaya ake rijistar, kuma me zan duba?

Malam, kada ka sa hannu tukuna, ragowar kuɗin nan ma riƙe abinka. Ba ina nufin mai filin macuci ba ne. A aikina na lauya da ke hulɗa da takardun filaye, akasarin irin wannan saɓani da nake gani ganganci ne na mai buga takarda, ba zamba ba. Sai dai ofishin ƙasa bai san ganganci ba, abin da ke rubuce kawai ya sani. Dillali kuwa la'adarsa tana fita ne ranar da aka sa hannu, ranar da fayil ɗinka zai maƙale ba ya nan.

Bari in fara da abin da kake saye, domin shi zai sa ka gane dalilin kowane mataki. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a filin gida yawanci shekara 99 ne daga ranar da aka rubuta a satifiket. To kai ragowar shekarun Abubakar kake saye. Idan haƙƙinsa ya fara a 2005, naka ba sabuwar 99 ba ce, lissafin yana ci gaba ne daga can. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba tamkar ba a yi shi ba ne. Wannan shi ya sa riƙe satifiket mai sunan wani a durowa, tare da rasit da sa hannun mai unguwa, bai mai da kai mai fili a idon gwamnati ba. A fayil, har gobe Abubakar ne.

Mataki na farko, wanda ya kamata a ce an yi shi kafin ka ba da ko kafin alƙalami, shi ne binciken fayil. Lauyanka, naka na kanka ba na mai sayarwa ba, zai rubuta takardar neman bincike da lambar fayil, a biya kuɗin bincike a karɓi rasit na gwamnati. A Kano harkar tana tsakanin Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye, kamar yadda Kaduna ke da KADGIS, Abuja ke da AGIS. Rahoton binciken zai faɗa maka sunan wanda aka bai wa filin, da lambar fuloti da ta shimfiɗar da aka yanka shi a ciki, da girmansa, da abin da aka ba da shi dominsa, da ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙorafi ko umarnin kotu a kansa, ko an soke haƙƙin, da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Wannan bashin ka lura da shi da kyau, domin mutane kan yi shekara goma sha ba su biya ba, kuma ba za a motsa fayil ba sai an share shi. Ku daidaita tun yanzu cewa daga ragowar kuɗin mai sayarwa za a cire. Harufan da ke farkon lambar fayil ma suna magana: RES na gidan zama ne, COM na kasuwanci. Wanda ya sayi filin RES da niyyar jera shaguna yana da wata doguwar hanya ta neman sauya manufa a gabansa.

Bayan bincike sai a shirya takardar miƙa mallaka, ku sa hannu da shaidu. Mai sayarwa, tunda shi ne mai haƙƙin, shi zai sa hannu a takardar neman amincewar gwamna, a haɗa da kwafin satifiket, da hotuna da katin shaida na ku biyun, da shaidar biyan haraji, da rasit ɗin kuɗin ƙasa. Ma'aikata za su je su ga filin, su yi masa ƙima tasu, kuma a kan wannan ƙimar ake lissafa abin da za ka biya, ba lallai a kan farashin da kuka rubuta ba. Saboda haka dabarar rage farashi a takarda don a rage haraji ba ta cika yin amfani ba, illa dai ranar da ciniki ya warware ka tarar abin da za ka iya nema a kotu shi ne ƙaramin adadin da ka sa wa hannu da kanka. In amincewa ta fito, sai a biya harajin hatimi a buga wa takardar, sannan a kai ta rijista. A nan ake ba ta lambobi uku, lamba da shafi da kundi, a rubuta su a jikinta, a ajiye kwafi guda a wurinsu. Ranar da ka ga lambobin nan uku, ranar ce sunanka ya shiga tarihin filin. Kuɗaɗen kowane mataki suna sauyawa kuma kowace jiha da nata, don haka ka nemi takardar lissafi daga ofis, ka biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ba a hannun wani mai cewa zai taimaka ba.

Abu biyu game da rijista da mutane ba su cika sani ba. Idan mutum ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya, a ƙa'ida wanda ya riga yin rijista, matuƙar bai san da cinikin farko ba, shi ke gaba, ko da kai ka riga biya. Jinkiri ke nan yana da haɗari. Amma kuma rijista ba ta wanke takarda mai aibi. In wanda ya sa hannu ba shi ne mai filin ba, ko awon da aka rubuta ba shi ne a ƙasa ba, hatimi da lambar kundi ba za su gyara ba, sai dai su adana kuskuren a inda cire shi zai yi wuya. Shi ya sa tambayarka ta zo a kan gaɓa.

To, batun suna. Ni da kai mun san Garba shi ne Abubakar, kamar yadda Shehu yake Usman, Mamman yake Muhammadu, Iro yake Ibrahim, Indo take A'ishatu. Duk unguwarsu za su rantse mutum ɗaya ne. Amma ma'aikacin da zai ɗora takardarka a kan fayil harafi da harafi yake kwatantawa, kuma daidai yake yi, domin ta wannan ƙofar ce ƙani ke sayar da filin wansa, ko ɗa ya sayar da na ubansa da suke suna ɗaya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: sunan mai sayarwa a takardar miƙa mallaka ya zama daidai da yadda yake a satifiket, da jerinsa da rubutunsa. In satifiket ya ce Mohammed, kada a gyara masa zuwa Muhammad don ya fi kyau. In sunan gari ne a ƙarshe, a bar shi a ƙarshe. Alhaji da Malam da sarauta ba suna ba ne, a bar su a waje sai dai in suna cikin satifiket ɗin.

Daga nan sai ka ɗauki katinsa na ɗan ƙasa ka ɗora a gefe. In katin ma Abubakar ya ce, da sunan uba iri ɗaya, to matsalarka ƙarama ce: lauya ya sake buga takarda, shi ke nan. In kuwa katin Garba ya ce, sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu nasa ne, a haɗa da sanarwa a jarida in ofis ya nema, a kuma rubuta a takardar cewa Abubakar wane, wanda kuma aka sani da Garba wane. Sannan lauyanka ya dubi hoton da ke cikin fayil da sa hannun da aka yi lokacin neman filin, ya kwatanta da mutumin da ke gabanku. Rantsuwa kowa na iya yi, hoton shekara ashirin da ke cikin fayil kuwa ba a sauya shi da sauƙi.

Akwai amsa ta uku da nake so ka shirya jinta, domin takan fito in aka matsa tambaya: "Ai Abubakar ɗin mahaifinmu ne, ya rasu," ko "Ai ni ma a wurinsa na saya." In gado ne, mamaci ba ya sa hannu, kuma babban ɗa ba ya sayar da rabon ƙannensa mata don shi ne babba. Za ka nemi takardar rabon gado ta kotu da ta nuna wa filin ya faɗa wa, ko duk magada su sa hannu, a kuma fara shigar da wannan a fayil. In kuwa saye ya yi bai yi rijista ba, to igiyar ta tsinke a tsakiya: ko dai a nemo Abubakar na ainihi ya sa hannu, ko a fara kammala cinikin farko kafin naka. Na ga filin da ya bi hannu huɗu a haka, kowa yana miƙa wa na gaba satifiket da rasit, sai na biyar da ya so karɓar bashin banki ya shiga neman mutumin da ya bar garin tun da daɗewa. In kuma wakili ne ke sayarwa, a ga takardar wakilcin, a tabbatar ta ba shi ikon sayarwa ba kula da fili kawai ba, kuma wanda ya ba shi yana raye.

Naka sunan ma ka duba shi da irin wannan idon. Yadda yake a katinka na ɗan ƙasa haka za a rubuta, a kowane shafi. Idan kana tunanin sa sunan ɗanka ƙarami, sashe na 7 na dokar ya hana a bai wa wanda bai kai shekara 21 ba irin wannan haƙƙi kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa, in ban da abin da ya zo masa ta gado. In mai sayarwa ba ya karanta Turanci, a rubuta a ƙarshen takardar cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa ya fahimta kafin ya dangwala yatsa, mai fassarar ya sa sunansa da hannunsa. Rashin wannan 'yan layuka shi ke ba mutum damar dawowa bayan shekaru ya ce shi jingina ya ɗauka ya yi.

Yanzu awo, inda na fi so mu daɗe. Lambar nan 464.5 na san inda ta fito. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 kuma mita 30.48. Ka ninka su, za ka sami murabba'in mita 464.5. Wato wanda ya buga takardar bai buɗe taswira ba, an ce masa hamsin da ɗari, ya danna kalkuleta. Ita kuwa 437.8 daga awon safiyo ta fito. Bambancin murabba'in mita 26.7 ne, kusan ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya riga ya zana ɗakunansa a ka.

Ka buɗe taswirar ka bi gefunan. A kowace kusurwa akwai lambar bikon, wato ɗan simintin da ake binnewa don nuna iyakar fili, tsakanin kowane bikon biyu kuma an rubuta tsawo da mita da kuma kusurwar da layin ya fuskanta daga arewa, da digiri da minti. Ban ga taka ba, amma ga irin siffar da ke ba da wannan adadi: gaba, wajen titi, mita 15.20, baya mita 13.60, gefe ɗaya 30.40, ɗayan 30.44. Ka haɗa gaba da baya ka raba biyu, 14.40 ke nan, ka ninka da 30.40, ka sami 437.8. Filin ya tsuke ta baya. Wanda ya tsaya a bakin titi ya ja tef zai ga kusan ƙafa hamsin, ya ja gefe ya ga kusan ɗari, ya rantse hamsin da ɗari ne, alhali bayan bai cika ƙafa 45 ba. Fulotan kwana da na ƙarshen layi sun fi yin haka. Wata shimfiɗar kuma tun asali da mita aka yanka ta, 15 da 30, wato 450, amma a bakin dillalai duk hamsin da ɗari ne.

Ko gefuna huɗu sun cika ma, ba su isa su tabbatar da girma ba, domin fili na iya karkacewa kamar akwatin kwali da aka danne, gefuna ba su sauya ba amma cikin ya ragu. Maganin wannan shi ne a ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu. A hamsin da ɗari na gaskiya, kowace cikin biyun za ta ba da mita 34.08 ko kusa da haka. In ɗaya ta fi ɗaya da mita guda, filin ya karkace. Wata taswirar kuma da hekta take rubuta girma, kada ya ruɗe ka: hekta murabba'in mita 10,000 ce, don haka 0.0438 shi ne filinka. Sifili ɗaya in ya ɓace wajen kwafa, fuloti ya zama gona.

Duk wannan a takarda ne. Sai an je wurin. Ka ɗauki safiyo mai rijista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyi rijista, wanda zai iya sa hatiminsa da lambarsa a kan abin da ya auna, ba yaron da ke riƙe masa sanda ba. Ku je da safe, da fartanya, da mai sayarwa, in da hali da maƙwabta. Bikon ɗan siminti ne da aka binne, kansa kaɗai ke leƙowa, da ƙusa ko ɗan ƙarfe a tsakiya da lamba a rubuce. Sau da yawa yashi ya rufe shi, ko ciyawa, ko an tara bulo a kai, sai an tona. In an same shi, a share kansa da hannu a karanta lambar da ƙarfi, kai kuma yatsanka yana kan taswira. Huɗun duka. Bikon da ka ga simintinsa sabo fes a tsohuwar shimfiɗa, ko yana girgiɗi in an taɓa, ko ya kwanta a gefe, an taɓa shi. Ba kullum mugunta ba ce, wani lokaci mai tifa ne ya take, wani ya mayar da shi inda ya ga dama. Safiyo zai sa na'urarsa ya gwada lambobin wurin da ke taswira da inda bikon yake zaune yanzu, ya gaya maka ko ya matsa.

Kada ka ce za ka yi wannan da wayarka. Wayar hannu kan yi kuskuren mita uku zuwa biyar ko fiye, kai kuma rigimarka a kan mita ɗaya da rabi ce. Ban da haka, yawancin taswirorin ƙasar nan an yi su ne a kan ma'aunin Minna, waya kuwa da WGS 84 take aiki, kuma tsakanin biyun akwai tazarar gomman mitoci. In ka zuba lambobin taswira a waya ba tare da an juya su ba, tana iya ajiye ka a tsakar gidan maƙwabci, ka tayar da hankalinka a banza.

Abin da tef ba zai nuna maka ba shi ne ko fulotin ma shi ne. Na taɓa karɓar aikin wani bawan Allah da ya kewaye fili har ya kai linta, sai wani ya zo da takardunsa. Da muka baje komai a tebur, satifiket ɗin da aka ba shi na fuloti 214 ne, takardar ciniki ta ce 241, shi kuma an kai shi an nuna masa 241 ɗin. Girmansu ɗaya, layinsu ɗaya, filin da ya saya na gaskiya yana can gaba babu kowa a kai. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma ginin ya tashi a filin mutane. Don haka ka sa safiyo ya ɗauko taswirar shimfiɗar gaba ɗaya, ku ƙirga fulotai daga kwana, ku ga lambobin maƙwabta na dama da hagu da baya sun dace, titi kuma yana ɓangaren da kibiyar arewa ta nuna.

A ƙarshen takardar miƙa mallaka akwai sakin da ke siffanta filin, shi ne zuciyarta, kuma shi mutane suka fi tsallakewa don sun gaji da karatu. A nan za ka ga lambar fuloti, lambar shimfiɗa, unguwa da ƙaramar hukuma, lambar satifiket da lambobin rijistarsa, lambar taswira, girman fili, wani lokaci har lambobin bikon. Ka zauna da wani, shi yana karanta satifiket da ƙarfi, kai kana bin takardar da biro. Kuɗin ciniki ma a duba an rubuta shi da lamba da kalmomi kuma sun dace. In an sami kuskure, a sake buga shafin, kada a goge da farin ruwa ko a gyara da biro, domin takardar fili mai gyare-gyare abin zargi ce ko da gyaran gaskiya ne.

A naka lamarin, in bikon huɗu sun dace da taswira, adadin da zai shiga takarda 437.8 ne, ba wani ba. Ba a gyara taswirar gwamnati don ta bi bakin dillali. Abin da ya rage tsakaninka da mai filin shi ne farashi: an sayar maka da 464.5, za a ba ka ƙasa da haka da kusan kashi 6 cikin 100. A filin naira miliyan 10, wajen naira 575,000 ke nan, kuma kana da bakin magana tunda rabin kuɗin yana hannunka. In kuwa taswira ta ce 437.8 amma abin da ke ƙasa bai ma kai haka ba saboda katangar maƙwabci ta shigo, to mai sayarwa ne zai warware da maƙwabcinsa, ta ofishin babban safiyo na jiha in ta kama, kafin ka karɓa. Ka kuma sa a rubuta cewa wani kaso na ragowar kuɗin ba zai fita ba sai ya sa hannu a takardar neman amincewar gwamna ya miƙa ainihin satifiket, domin nemo mai sayarwa bayan ya karɓi kuɗinsa duka aiki ne na daban.